Wa Ke Kashe wa Inna Karatu?

Mahaifiyata ta gaya wa ƙanena cewa ina kashe mata karatun Alƙur'ani da gangan, shi kuma ya yarda. Bai tambaye ni ba. Waya kawai ya bugo ina tsakiyar suya, ya ce ranar Asabar zai zo ya ɗauke ta zuwa gidansa a Rayfield, wai ko ni ma na samu na huta. Ni da nake yi mata wanka, nake yanke mata farce, nake dama mata kunu tun ranar da idonta ya rufe. Abin ya ƙare lafiya, amma har yau idan na tuna muryarsa a wayar nan sai na ji raina ya sosu, kuma ban ga dalilin da zai sa in ɓoye hakan ba.

Gidanmu a Rikkos yake, wanda marigayi mijina ya bari. Tsakar gidan siririya ce mai tsawo. Ɗakin Inna yana kusa da ƙofar shigowa, inda rana ke fara sauka da safe, saboda sanyin Jos ba ya yi wa tsofaffin ƙasusuwa da sauƙi. Madafata kuma tana can ƙurya, bayan durom-durom ɗin da muke tara ruwa, tunda famfo sai ya ga dama yake kawowa. Masa nake soyawa. Masu shaguna da masu biki ta waya suke nemana, don haka wayata ba ta rabuwa da jikina. A ƙugu nake soke ta, cikin zani, kamar yadda duk macen da hannayenta ke cikin ƙullu take yi.

Sifikar da Inna ke jin karatu da ita, ƙanen nawa ne ya sayo ta. Auta muke kiransa, duk da yanzu furfura ta fara fito masa. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi gwangwanin madara ba, tana haɗuwa da waya ta bulutut, ba igiya ba komai. Na buga ƙusa a bango daidai saman tabarmar Inna a ƙofar ɗakinta na rataye ta. Karatun kuma a cikin wayata yake, an riga an sauke shi, ba ya jan data. In na kunna da safe sai in wuce aikina, ita kuma ta zauna tana bin mai karatu, leɓunanta na motsi. Abin da ta haddace tun tana yarinya a ruga shi take ƙoƙarin riƙewa. Tunda ido ya tafi, ba ta da wani abin da ya rage nata ita kaɗai sai wannan.

Watanni muka yi a haka ba matsala. Ina bayan durom ina juya masa, ina jin ƙira'a tana tashi tas. In kira ya shigo kuwa sifikar ce ke fara ƙara, Inna ta san wannan, har takan ce in yi sauri kwastoma na jira.

Da damina ta kama sai abin ya canza. Mai karatu yana cikin aya sai ya fara in'ina, ya haɗiye rabin kalma, ya dawo, ya sake haɗiyewa, sannan shiru. Sai in ji Inna ta ce, "Ke." Ba ta kiran sunana. Ni ce 'yar farinta, kuma a wajenmu uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Na tashi a haka, ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Sai in goge hannu in fito. Kafin in iso gabanta karatu ya dawo da kansa, lafiya lau. In tsaya ina duba waya, ban ga komai ba, in koma madafa. Ina sunkuyawa kan tanda sai ya sake ɗaukewa.

Yanzu da na natsu ina ganin yadda abin ya kasance a kunnenta. In na yi nisa karatu ya mutu, in ta kira ni na zo ya dawo. Ita ba ta ganin hannuna. Ga shi kuma wata rana da kaina ke ciwo na taɓa cewa sifikar nan ta cika ƙara, a riƙa ragewa. Na faɗa, kuma gaskiya ce, ta cika ƙara. Amma tsohuwa ta ɗauki wannan maganar ta ajiye. Abin da ya ƙara ɓata ni shi ne akwai ranakun da ba ya yankewa ko kaɗan, tun safe har azahar. A wajenta wannan na nufin ranar na tashi da fara'a ne.

Ba zama na yi ba. Na yi wa sifika caji har ta cika. Na cire haɗin na sake haɗawa. Na ɗauke su duka biyun na kai wa mai gyaran waya a Terminus, ya ajiye su kan teburinsa gefe da gefe, ƙira'a ta tashi ba ko tari. Ya ce kayana lafiyarsu ƙalau, in daina yin nisa da waya. Na ce masa gidana ba filin ƙwallo ba ne. Ni sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya na koyi karatu, kuma tun daga lokacin ba na barin takarda ta wuce ni. Na karanta 'yar takardar da ta zo cikin kwalin sifikar, an rubuta mita goma. Daga tabarmar Inna zuwa murhuna bai kai haka ba. Ya ɗaga kafaɗa ya karɓi wayar wani.

Ranar da Auta ya bugo, na ajiye wayar na ƙona kasko guda na masa saboda ɓacin rai. Na je na durƙusa gaban Inna na ce wallahi ban taɓa kashe mata ba. Ta juya fuska wajen bango ta ce ai ba komai, kowa yana gajiya da tsoho. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da yamma na tarar ta lalubo jakarta daga ƙarƙashin gado, tana ninke zannuwanta ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ban amsa kiran kowa ba. Malamar da ta koya mana lissafi takan ce in amsa ta fito ba daidai ba, kada mu yage shafi, mu koma layi-layi mu ga inda ƙafa ta goce. Sai na kunna karatu, na riƙe wayar a hannu, na ɗaga ta sama kamar mai neman sabis, na riƙa ja da baya a hankali. Har na kai bakin durom bai yanke ba. Na soke ta a ƙugu na juya wa sifika baya, nan take mai karatu ya fara sarƙewa. Na shiga bayan durom na sunkuya, ya yi shiru. Na fito da ita na ɗora kan murfin durom, ya dawo. To, jikina da ruwan nan suna tare wani abu. Wannan na gane. Amma ai da wannan jikin nake tun farko, durom ɗin ma ba jiya na saye su ba. Me ya sa da can yake ratsa su, yanzu ya kasa?

Ina tsaye ina wannan tunanin aka ɗauke wuta. Firjin maƙwabciyata ya yi shiru. Sifika da batir take aiki, ba ruwanta. Na koma bayan durom da waya a ƙugu, na sunkuya yadda na saba, karatu ya ci gaba, sai ɗan ƙarat sau ɗaya da bai kai a kula ba. Na zauna a kan kujerar suya na saurari sura guda har ƙarshenta. Sai a lokacin na tuna cewa ranakun nan da Inna ke cewa na tashi da fara'a, yawancinsu ranakun da muka wuni ba wuta ne.

Ɗakin da ke jikin na Inna haya na bayar. Wata ma'aikaciyar jinya ce a ciki, 'yar Anguwan Rukuba, Kirista, mace mai son mutane. Sista muke kiranta, ita kuma tana ce wa Inna Kaka, tana ce mini Anti. Ita ke auna wa Inna hawan jini ba ta karɓar ko sisi. Farkon daminar nan ta shiga wani kwas da ake yi ta intanet, ta sayo farin akwatin waifai mai 'yan fitilu. Ta gwada shi ko'ina a ɗakinta, ta ga a bakin taga ya fi kamawa, sai ta ajiye shi can. Tagar nan kuwa, tsakaninta da ƙusar da na rataye sifika bai fi kamu ɗaya ba. Kullum ina ganin akwatin yana ƙyafta ido, ban taɓa kawo komai a raina ba. Har lambobin sirrinsa ta saka mini a waya don in rage sayen data, ni kuma na bar shi a kunne, bidiyoyin ƙungiyar matan unguwa suna ta zubowa ciki ba dare ba rana.

Da wuta ta dawo na ƙwanƙwasa mata. Na ce ta kunna darasinta na bidiyo, ni kuma na tafi bayan durom. Ya yanke. Na ce ta zare akwatin daga wuta. Ya dawo. Muka yi ta yi, kunna, kashe, ina ƙurya ina ɗaga murya, tana taga tana amsawa, har ta fara dariya ta ce ashe ita ce ɓarauniyar karatun Kaka. Ni ban yi dariya ba. Jingina kawai na yi da durom. Ban san na fara shakkar kaina ba sai a lokacin. Da ma na fara tunanin ko ƙuguna ne ke danna wani abu a wayar ban sani ba.

Na je na gaya wa Inna. Sista ma ta durƙusa ta yi mata bayani, ta ba ta haƙuri. Inna ta saurara har ƙarshe, ta sa wa Sista albarka, sannan ta ce ita dai ba ta ga wani akwati ba, kuma ta san yarinyar kirki za ta iya ɗaukar laifin wani don a zauna lafiya. Jakar tana nan a bakin ƙofa, ba ta kwance ta ba.

Ranar Asabar da hantsi Auta ya iso. Motarsa ba ta shiga lungunmu, a bakin titi ya bar ta, ya tako cikin taɓo yana ɗage wando. Ya gaida Inna ta amsa masa da sunansa da kirarinsa, ni kuma ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Ban ba shi ruwa ba. Na kama hannun rigarsa na kai shi gaban ƙusar nan, na nuna masa sifika, na nuna masa taga.

Kallo ɗaya ya yi ya ce, "Kai. Tun yaushe wannan yake nan?"

Sista ta ce tun farkon damina.

Ya dafe goshi. Nan ya shiga bayani, don a ofishinsu da irin waɗannan na'urori suke aiki. Ya ce bulutut da waifai hanya ɗaya suke bi a cikin iska. Bulutut muryarsa ƙarama ce, yana tsalle daga wannan gefen hanya zuwa wancan yana neman inda ba kowa, kuma yawanci yana samu. Amma in aka ajiye akwati mai ƙarfi a bakin kunnen sifika, ga waya can nesa muryarta ta riga ta raunana, sai na kusa ya danne na nesa. Ya ce mita goman da na karanta a fili ake nufi, inda ba abin da ya gitta. Ruwa yana shanye irin wannan saƙon, jikin mutum kuma yawancinsa ruwa ne. Da can saƙon yana isowa a raunane amma sifika tana ji, tunda ba mai yi mata surutu a kunne. Ya ƙara da cewa wayata ma, in tana jan bidiyo ta waifai tana kuma tura karatu, aiki biyu take yi da baki ɗaya.

Sista ta ce to Anti ai ruwanta ya fi na kowa yawa. Na ce ta bar ni da jikina, da masa na tara shi.

Auta ya yi 'yar dariya, ya ce shi ma a gidansa in matarsa ta kunna na'urar ɗumama abinci, waƙar da yake ji a kicin sai ta riƙa tsinkewa.

Na ce, "Auta, ashe duk ka san wannan."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

"Ka san na'ura tana yankewa da kanta, amma da aka ce ni ce, ba ka ce bari in je in duba ba. Ka ce bari in je in ɗauko ta."

 Ya daɗe yana kallon taɓon da ke takalminsa, sannan ya ce ya yi kuskure, in yafe masa. Amma ya ce maganar ba a hannunsa take ba yanzu. In zuciyar Inna ba ta kwanta ba, ba zai bar ta inda take ganin ana gajiya da ita ba, ko da ba gaskiya ba ne. Na so in yi masa faɗa, sai na ga a nan kam yana da gaskiya. Duk bayanin hanya da iska da ya yi, Inna tana zaune tana jan carbi kamar da wani ake.

Sai na ciro wayar daga ƙuguna na kunna karatu na miƙa masa. Na ce ya sa ta a aljihun bayansa. Na ce wa Sista ta kunna darasinta. Ni kuma na zauna a tabarma gaban Inna, gwiwata na taɓa tata, na ɗora hannayena biyu a kan cinyarta.

Na ce, "Inna, riƙe. Duka biyun. Waya tana wajen autanki."

 Rabon da ta riƙe hannuna haka kawai, ba don in tashe ta ko in kai ta bayan gida ba, ban san ranar ba. Ta ajiye carbi ta kama. Auta ya riƙa tafiya yana magana don ta ji inda muryarsa take, yana cewa ga ni a bakin igiyar shanya, ga ni na kusa durom. Mai karatu ya fara in'ina. Auta ya ce ya shiga bayan durom. Shiru.

Yatsunta suka matse nawa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kaji, ta shafa tabon ƙunar da ke bayan hannuna na dama. Ta ce Auta ya dawo. Ya taho, karatu ya dawo. Ta ce ya koma. Ya koma, ya mutu. Ta tambaye shi ko ya taɓa wayar, ya ce hannayensa suna sama, har ya tafa mata su daga can don ta ji. Sannan na ce Sista ta zare akwatin. Auta yana nan bayan durom bai motsa ba, sai ga ƙira'a ta tashi a saman kanmu, ta miƙe sumul.

Inna ba ta ce mini komai ba. Da ma ban sa rai ba, uwa ba ta ba 'yar fari haƙuri. Ta saurari ayoyin leɓunanta na bi, har aka kai inda ake tsayawa. Sannan ta ɗaga murya ta kira Auta.

"Ka mayar da jakar nan ƙarƙashin gado. Gidanka duk tayil ne, santsi gare shi, karya ni za ku yi. Kuma matarka ba ta iya kunu ba."

Ta saki hannuna na hagu ta ɗauki carbinta. Na daman kuwa ta manta da shi a cikin nata, ko kuma ta yi kamar ta manta. Na bar shi a can har ƙafata ta yi tsami. Ƙullun ranar ya wuce lokacinsa ya yi tsami shi ma, ban damu ba.

Kafin Auta ya tafi ya taimaki Sista suka mayar da akwatin zuwa tagar baya. Ya nuna mata cewa akwatin nata hanya biyu yake bayarwa, ɗaya ba ta haɗuwa da ta bulutut, ya ɗora kwamfutarta a kan waccan. Wayata tsohuwa ce, ba ta ganin hanya ta biyun, sai ya ce in riƙa kashe waifai ɗina lokacin karatu. Muka gwada, ya yi kyau sosai. A ƙarshe na ba shi ruwa, na ƙulle masa masar jiya a leda ya kai wa 'ya'yansa. Ya ce ko akwai yaji, na ce ya je Rayfield ya nema.

Amma da na zauna da yamma sai na ga gyaran bai ishe ni ba. Gobe wani maƙwabcin zai sayo nasa akwatin ya jingina da bangonmu. Ni kuma ba zan daina sunkuyawa bayan durom ba, ba zan daina soke waya a ƙugu ba. Muddin karatun Inna daga jikina yake fitowa, duk ranar da ya yi tari sai ta saurari inda ƙafata take. Na ɗauko sifikar ina jujjuya ta, na ɓare wata 'yar roba a gindinta, sai ga ƙaramin rami na saka memori. Na koma takardar kwalin, ga shi nan a rubuce, a shafin da na tsallake tun farko.

Washegari Lahadi, Sista ta tafi coci, ni kuma ina idar da suyar safe na sa hijabi na fita bakin titi wajen masu tura karatu da wa'azi. Na sayi memori, na tsaya a kansa har ya zuba mini mai karatun da Inna ta saba da shi, daga farko har ƙarshe. Da na dawo na zare ƙusar daga bango. Na liƙa ƙwayar dutsen ado guda a kan maɓallin kunnawa, na ɗaura wa sifikar igiya na rataya wa Inna a wuya, na kama babban yatsanta na ɗora a kan dutsen. Na ce nan ne kunnawa, nan ne kashewa, ba ruwan kowa. Ta danna, ta danna kuma, ta sake dannawa. Na wuce madafa na soke wayata a ƙugu.